Idan Excel ta ce #NAME?, wata kalma ce ba ta gane ba

Akawun makaranta, ma'ajin ƙungiya, mai kula da sito da ɗalibin da ke haɗa aikin kammala karatu, kusan duk wanda ya taɓa yin lissafi da manhajar Excel ya taɓa cin karo da wannan rubutu: an rubuta fomula, an danna Enter, maimakon adadi ya fito sai akwatin ya nuna #NAME? da ayar tambaya a ƙarshe. Wasu nan take suke ɗauka fayil ya lalace, ko kuwa cuta ta shiga kwamfuta. Wasu su goge layin gaba ɗaya su koma ga kalkuletar waya. Alhali a cikin saƙonnin kuskure da Excel ke nunawa, da wuya a sami wanda ya kai wannan sauƙin ganewa, domin abu ɗaya tak yake nufi: a cikin fomular akwai kalmar da Excel ta karanta, ta duba ko'ina ba ta san ta ba.

Kafin a kai ga gyara, yana da kyau a san yadda Excel ke karanta abin da aka rubuta mata. Da zarar rubutu ya fara da alamar =, sai ta bi shi gaɓa-gaɓa tana ware kowane abu. Idan ta ga lamba, ta san adadi ne. Idan ta ga haruffa a tsakanin alamar zance guda biyu, kamar "Bashi", ta san rubutu ne da za ta ɗauka yadda yake ba tare da tambaya ba. Idan kuma ta ga haruffa tsirara, ba alamar zance, to wuri uku take dubawa. Ko dai ɗaya ne daga cikin umarnin lissafin da aka gina ta da su, irin su SUM da IF da AVERAGE, ko adireshin wani akwati ne kamar C2, ko kuma suna ne da mai fayil ɗin ya raɗa wa wani akwati da kansa. Idan kalmar ba ta faɗa ko ɗaya daga cikin ukun ba, sai ta tsaya ta nuna #NAME?. Abin ya yi kama da malamin aji da ke kiran suna da safe, ya kira wani suna babu wanda ya amsa, ya duba rajista kuma bai same shi ba.

Mutum zai iya tambaya, to me ya sa ba ta ƙi karɓar fomular tun farko ba? Dalilin shi ne kalmar da ba a sani ba yanzu tana iya zama sananniya an jima. Mai fayil na iya raɗa wannan sunan bayan minti biyar, ko kuma ya kasance umarni ne da wani ya rubuta da kansa ya ƙara wa manhajar. Don haka sai ta karɓi fomular, ta ajiye ta yadda aka rubuta, ta sa alama a wurin tana jira. Wannan ajiyewar ita ce ke sa gyaran ya zo da sauƙi, domin babu abin da ya ɓace daga fomular.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wata makarantar sakandare mai zaman kanta ta ɗauki sababbin ɗalibai 40, 25 a JSS1, 15 a SS1. Kuɗin zango na JSS1 naira 18,000 ne, na SS1 kuma naira 24,000. Akawu ya shirya shafi: layin tsaye na A sunan ɗalibi, B aji, C kuɗin da ake binsa, D abin da ya biya, E abin da ya rage, F kuma matsayinsa. Ɗaliban sun kama daga layi na 2 zuwa na 41. A wani shafi dabam ya rubuta kuɗaɗen biyu, ya raɗa wa akwatin 18,000 suna Kudin_JSS, na 24,000 kuma Kudin_SS, domin idan an ƙara kuɗi baɗi ya canza wuri ɗaya kawai. Fomulolinsa huɗu ne:

```
=IF(B2="JSS1",Kudin_JSS,Kudin_SS)
=C2-D2
=IF(E2>0,"Bashi","Cikakke")
=SUM(C2:C41)
```

Ta farko tana C2, ta biyu E2, ta uku F2, an ja kowace har ƙasa. Ta huɗu tana C42, ita ce jimlar abin da makaranta ke sa ran samu. Idan komai na daidai, 25 sau 18,000 ya ba da 450,000, 15 sau 24,000 ya ba da 360,000, jimla 810,000. Mai karatu ya riƙe wannan adadin, za mu yi ta komawa kansa.

Harafi ɗaya a sunan umarni

Mafi sauƙin kuskuren shi ne na yatsa. Harafin N da M maƙwabta ne a kan madannai, sai akawu ya rubuta =SUN(C2:C41) a madadin SUM. Excel ba ta da umarni mai suna SUN, sai C42 ya nuna #NAME?. Haka abin yake ga wanda ya rubuta AVARAGE maimakon AVERAGE, ko VLOKUP da O ɗaya, ko ya taƙaita ya ce AVG yana zaton za a gane. Excel kan ba da shawarar gyara idan an manta baka, amma ba ta gyara wa kowa rubutun sunan umarni.

Akwai wata dabara da nake ba kowa shawarar ya mayar da ita ɗabi'a: a riƙa rubuta fomula da ƙananan haruffa. Idan ka rubuta =sum(c2:c41) ka danna Enter, Excel za ta mayar da shi =SUM(C2:C41) da manyan haruffa, alamar ta gane. Idan ka rubuta =sun(c2:c41), adireshin zai koma babba amma sun zai zauna ƙarami yadda ka bar shi. A doguwar fomula mai umarni huɗu ko biyar, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka wanda ya lalace ba tare da ka ƙura ido kana bin harafi ɗaya-ɗaya ba. Wanda ya saba rubuta komai da manyan haruffa ya hana kansa wannan taimakon.

Abin da ya fi wannan ma shi ne kada a ƙarasa rubuta sunan da hannu. Da ka fara rubuta =av, jerin umarnin da suka fara da waɗannan haruffa zai sauko a ƙasan akwatin. Ka zaɓi wanda kake so ka danna Tab, sai ta rubuta maka shi daidai har da buɗe baka. Idan ka rubuta haruffa uku ko huɗu jerin ya ɓace, to ka riga ka kauce, ka koma baya tun kafin ka danna Enter.

Kusa da wannan akwai manta ruwa biyu da ke tsakanin adireshi. Wanda ya rubuta =SUM(C2C41) ya haɗa adireshi biyu sun zama kalma ɗaya da ba ta da ma'ana a wajen Excel, kuma amsar da zai samu ita ce dai #NAME?.

Wani lokaci kuma rubutun daidai yake, manhajar ce ta tsufa. XLOOKUP yana aiki a Excel 2021 da Microsoft 365, amma babu shi a Excel 2016 ko 2019. IFS da TEXTJOIN sun shigo ne a 2019. Idan aka shirya fayil a sabuwar kwamfuta aka kai shi shagon buga takardu mai tsohuwar manhaja, za a ga an liƙa _xlfn. a gaban sunan umarnin, kamar _xlfn.XLOOKUP, kuma da zarar an sake lissafa akwatin sai #NAME? ya fito. A nan babu harafin da za a gyara. Ko a buɗe fayil ɗin a sabuwar manhaja, ko a sake rubuta fomular da umarnin da kowace ta sani, kamar VLOOKUP, ko INDEX haɗe da MATCH. Masu aiki tsakanin Najeriya da Nijar suna da nasu nau'in matsalar: a Excel ta Faransanci da ake samu a ofisoshin Maraɗi da Damagaram, SUM sunansa SOMME, IF kuma SI, VLOOKUP shi ne RECHERCHEV, saƙon kuskuren ma #NOM? ne. Idan fayil aka aika gaba ɗaya, manhajar na fassara sunayen da kanta lokacin buɗewa. Amma idan rubutun fomular aka turo ta waya aka kwafa aka liƙa, babu fassara, sai kuskure.

Rubutu ba alamar zance

A ce a F2 akawu ya manta alamar zance a kalma ɗaya:

```
=IF(E2>0,Bashi,"Cikakke")
```

A idon mutum ma'anar a fili take. A wajen Excel kuwa, Bashi tsirara ba rubutu ba ne, suna ne da za ta je ta nemo. Ta duba umarni babu, adireshi ba shi ba ne, sunayen da aka raɗa ma babu shi.

Abin lura a nan shi ne kuskuren ba zai fito a duk layukan ba. IF hanya biyu gare shi, kuma ɗaya kawai yake bi a kowane layi. Ɗalibin da ya biya duka, E nasa sifiri ne, sai a bi hanya ta biyu a rubuta Cikakke lafiya lau. Wanda ake bi bashi ne kaɗai zai nuna #NAME?. Ke nan idan a ranar da aka shirya shafin an gwada shi da ɗalibai biyu da suka biya duka, ba za a ga komai ba, sai ranar da aka shigar da mai bashi na farko. Don haka duk fomular da ke da IF a gwada ta ta hanyoyin biyu kafin a yarda da ita. Idan kuma ka tarar da kuskuren a wasu layuka ban da wasu, ka tambayi kanka me ya haɗa waɗanda abin ya shafa. Amsar za ta kai ka ga ɓangaren fomular da ya lalace.

Alamar zancen ma iri-iri ce. Wadda Excel ke karɓa ita ce miƙaƙƙiya mai ƙafa biyu, wato ". Manhajar Word da madannan wayoyi da yawa kan lanƙwasa ta ta koma “ ” domin kyan gani. Idan wani ya rubuta maka fomula a Word ko a saƙon waya ka kwafo, za ka gan ta da alamar zance kamar komai daidai, amma Excel ba ta ɗauki lanƙwasasshiyar a matsayin alamar zance ba, sai ta nuna #NAME?. Maganin shi ne a goge su a sake buga su da madannan kwamfuta a cikin Excel ɗin. Alama mai ƙafa ɗaya kuma aikinta dabam ne, ana sa ta ne a sunan shafin da ke da tazara a ciki, kamar 'Kudin Zango'!B2, ba ta maye gurbin mai ƙafa biyu. Lambobi ba sa buƙatar alamar zance, haka ma TRUE da FALSE.

Yanzu ga wurin da nake so mai karatu ya fi natsuwa, domin ya shafi makarantunmu kai tsaye. A ce alamar zancen da aka manta ta C2 ce:

```
=IF(B2=JSS1,Kudin_JSS,Kudin_SS)
```

Bisa abin da muka faɗa, sai a yi tsammanin #NAME? zai fito. Ba zai fito ba. Tun daga Excel 2007 kowane shafi yana da layukan tsaye 16,384, daga A har zuwa XFD, kuma a cikinsu akwai wanda sunansa JSS, shi ne na 7,273. Ke nan JSS1 adireshi ne na gaske, akwatin farko na wannan layi da ke can nesa ta hannun dama, inda ba wanda ya taɓa rubuta komai. SS1 ma haka, SS2, JSS3, SSS3, duk adireshi ne. Abin da Excel ta fahimta shi ne: shin abin da ke B2 daidai yake da abin da ke cikin wancan akwatin da babu komai? Amsa a'a ce a kowane layi. Sai ta ɗora wa dukan ɗalibai 40 kuɗin SS1. Jimla ta zama 960,000 maimakon 810,000, an ƙara wa kowane ɗan JSS1 naira 6,000, gaba ɗaya 150,000, kuma babu ko ɗigon alamar kuskure a shafin. A tsohuwar Excel 2003, wadda layukanta 256 ne suka tsaya a IV, da wannan fomular ta nuna #NAME? an gyara ta tun a ranar.

Wannan shi ya sa nake ganin duk wanda #NAME? ya fito masa ya yi sa'a. Kuskure iri ɗaya ne, mantuwar alamar zance, amma a wuri ɗaya manhajar ta tsaya ta sanar, a ɗaya wurin ta wuce da lissafi na ƙarya wanda iyayen yara ne za su gano shi a bakin ofishin akawu. Hanyar kama irin wannan ita ce a danna F2 a kan akwatin a dubi launi. Excel na sa wa kowane adireshi launi a cikin fomula, rubutun da ke cikin alamar zance kuwa baƙi yake zama. Idan ka ga JSS1 ya yi launi kamar yadda B2 ya yi, to adireshi aka ɗauke shi. Sannan a yi lissafin kai ko na takarda na layi biyu ko uku a kwatanta, musamman ranar da aka fara amfani da shafi.

Sunan da aka goge

Na uku shi ne wanda ya fi tayar da hankali, domin yana zuwa ne a fayil ɗin da ya daɗe yana aiki lafiya, ba wanda ya taɓa fomula ko ɗaya. Duk sunayen da aka raɗa a fayil suna zaune a wuri ɗaya da ake kira Name Manager, ana samunsa a ƙarƙashin Formulas, ko a danna Ctrl+F3. Fayil ɗin da ya shekara yana yawo daga hannu zuwa hannu yakan tara sunaye barkatai, sai wata rana wani mai kyakkyawar niyya ya shiga ya yi shara. Excel za ta tambaye shi ko ya tabbata yana son gogewa, amma ba za ta gaya masa fomula nawa ke rataye da sunan ba.

A ce Kudin_SS aka goge. Akwatin da ke ɗauke da 24,000 yana nan, fomulolin ma suna nan yadda suke. Amma a layin C, ɗalibai 15 na SS1 za su nuna #NAME?, na JSS1 kuma su ci gaba da nuna 18,000. Daga nan abin ke yaɗuwa. E na waɗannan ɗalibai ya dogara da C, shi ma ya nuna kuskuren. F ya dogara da E, shi ma haka. C42 kuwa, SUM ba ya tsallake akwatin da ke da kuskure, ko guda ɗaya ne a cikin arba'in jimlar za ta koma #NAME?. Suna ɗaya aka goge, akwati 46 suka lalace.

Kuskuren da mutane ke yi shi ne su fara da inda idonsu ya faɗa, wato jimla. Su goge SUM su sake rubutawa, abin ya ƙi. Ai SUM ba shi da laifi, gado ya yi. Dokar ita ce a bi kuskuren baya-baya har a kai akwatin da duk abin da ya dogara da shi lafiyayye ne amma shi yana nuna kuskure. A misalinmu, daga C42 a hau sama a sami ɗalibin SS1 na farko. B nasa rubutu ne mai kyau, ke nan matsalar a cikin fomular C take. A zaɓi akwatin, a je Formulas a danna Evaluate Formula. Wani ɗan allo zai buɗe yana nuna fomular da layi a ƙarƙashin ɓangaren da za a fara lissafawa. Kowane danna Evaluate mataki ɗaya ne: B2 ya koma "SS1", kwatancen ya koma FALSE, sai a zo kan Kudin_SS, nan take ya koma #NAME?. An kama kalmar. Don tabbatarwa a danna F3 a ga jerin sunayen da ke fayil ɗin, ko a buɗe Name Manager. Za a ga Kudin_JSS, ba za a ga ɗan'uwansa ba.

Gyaran bai kai minti ɗaya ba. A je shafin kuɗaɗe, a zaɓi akwatin 24,000, a danna ɗan gurbin da ke hagu da inda ake rubuta fomula, wanda ke nuna adireshin akwati, a rubuta Kudin_SS daidai yadda yake a fomula, a danna Enter. Akwatuna 46 ɗin za su warke tare, jimla ta koma 810,000. Ba a buƙatar taɓa fomula ko ɗaya.

Sai dai akwai inda abin ba ya zuwa da sauƙi haka. Ana iya raɗa suna ba tare da akwati ba, a rubuta adadin kai tsaye a cikin Name Manager, a gurbin Refers to. Irin wannan sunan idan aka goge shi, adadin ma ya tafi tare da shi, sai an nemo tsohon kwafin fayil ko takardar da aka samo adadin. Saboda haka ya fi aminci kowane farashi ko kaso ya zauna a akwatin da ido ke gani, sunan ya nuna can.

Yana da amfani a bambanta gogewa iri uku, domin kowace da alamarta. Idan sunan aka goge daga Name Manager, #NAME? ake gani. Idan layin da akwatin yake aka cire gaba ɗaya, sunan yana nan amma ba shi da inda zai nuna, sai a ga #REF!, kuma gyaransa shi ne a shiga Name Manager a nuna masa sabon akwati. Idan kuwa adadin da ke cikin akwatin kawai aka share da maɓallin Delete, babu saƙon kuskure ko kaɗan, ɗaliban SS1 za su nuna sifiri, jimla ta sauka 450,000.

Wani lokaci sunan yana nan, kiran ne ba a yi daidai ba. Babba da ƙaramin harafi ba su da bambanci a wajen Excel, kudin_ss da Kudin_SS duk ɗaya ne. Amma KudinSS ba tare da ɗan layin ƙasa ba wani suna ne dabam, haka ma wanda aka rubuta da ɗ mai ƙugiya ba ɗaya yake da mai d ba. Tun da ba kowace kwamfuta ke da haruffanmu masu ƙugiya a madannai ba, gara a bar su a wajen raɗa suna, a yi amfani da su a rubutun da mutane za su karanta. Suna ba ya ɗaukar tazara a tsakiya, ba ya farawa da lamba, kuma ba zai yi kama da adireshi ba, shi ya sa ba za a iya raɗa wa akwati JSS1 ba. Akwai kuma iyakar da sunan ke aiki, wadda ake gani a ƙarƙashin Scope. Idan an rubuta Workbook, yana aiki a ko'ina cikin fayil. Idan sunan wani shafi aka rubuta, to a can kaɗai aka san shi, kuma kiransa daga wani shafi ba tare da ambaton sunan shafinsa a gaba ba zai ba da #NAME? ko da yake kana ganinsa a jerin.

Wanda ke son canza suna kada ya goge ya raɗa sabo. Ya zaɓe shi a Name Manager ya danna Edit ya sauya, Excel za ta bi dukan fomulolin ta sauya musu. Wanda kuma ke son yin shara, kafin ya goge kowane suna ya danna Ctrl+F, ya rubuta sunan, a Options ya sa Within ya zama Workbook, Look in ya zama Formulas, sannan Find All. Idan ya fito a fomula ko ɗaya, a bar shi. Ko bai fito ba ma a ajiye kwafin fayil ɗin tukuna, domin wannan binciken ba ya leƙa cikin jadawalin zane, ko ƙa'idojin da ke canza launin akwati, ko wasu sunayen da suka dogara da wannan.

Rufe kuskure da IFERROR

Akwai shawarar da ke yawo a ofisoshi, wadda na ɗauke ta mafi haɗari a duk wannan batu: wai idan kuskure ya dame ka, ka naɗe fomular da IFERROR ka huta.

```
=IFERROR(IF(B2="JSS1",Kudin_JSS,Kudin_SS),0)
```

Abin da wannan ke cewa shi ne, duk kuskuren da ya taso, ko wane iri ne, a rubuta sifiri. A mayar da shi kan misalinmu bayan an goge Kudin_SS. Shafin zai yi tsaf, babu #NAME? ko ɗaya. Amma kowane ɗalibin SS1 yanzu sifiri ake binsa. Wanda bai biya ko kwabo ba, sifiri a debe sifiri, E nasa bai wuce sifiri ba, sai F ta rubuta masa Cikakke. Jimlar da za a kai wa shugaban makaranta 450,000 ce, naira 360,000 sun fita daga lissafi, kuma takardar da aka buga ba ta da wata alama da za ta sa a yi shakka.

IFERROR yana da wurinsa. Idan ana raba adadi da wani akwatin da ba a cika ba tukuna, ko ana neman sunan da mai yiwuwa babu shi a jeri, kuskuren abu ne da ake tsammani daga bayanan, kuma rufe shi na iya zama daidai. #NAME? ba irin wannan ba ne. Ba ya zuwa daga bayanai, daga ginin fomular yake zuwa, kuma ba ya warkewa don an ƙara cika shafi. Ga masu neman abu a jeri da VLOOKUP, tun Excel 2013 akwai IFNA, wanda ke rufe #N/A kaɗai ya bar sauran kurakurai su fito fili. Shi ya fi dacewa a yawancin wuraren da ake sa IFERROR. Idan kuma ka gaji fayil daga wani ka tarar da IFERROR a ko'ina, ka kwafi fayil ɗin, ka cire shi daga layi ɗaya ko biyu ka ga abin da ke ƙarƙashi.

Kafin a buga kowane shafi ko a aika wa wani, akwai bincike na daƙiƙa kaɗan da ya kamata ya zama al'ada. A danna F5, sannan Special, a zaɓi Formulas, a cire alamar da ke kan Numbers da Text da Logicals a bar Errors kaɗai, a danna OK. Excel za ta zaɓo duk akwatin da ke da kuskure a wannan shafin, har waɗanda suke can ƙasa inda ido bai kai ba. Idan babu, za ta ce ba ta sami komai ba. Binciken shafi ɗaya yake dubawa a lokaci guda, don haka a maimaita shi a kowane shafi na fayil ɗin, sannan a ɗauki ɗalibi ɗaya daga kowane aji a lissafa nasa da hannu a ga ko ya yi daidai da abin da ke allo.